Godiya Bayan Intabiyu: Ɗauko Magana Ɗaya Daga Cikin Ɗakin



Sharhinmu na yau a kan 'yar gajeriyar wasiƙar nan ce da mai neman aiki kan aika wa waɗanda suka yi masa intabiyu, bayan ya fito daga gabansu. Ina magana ne a kan irin intabiyun da za ka shiga ɗaki ka tarar da mutum uku ko huɗu ko biyar jere a bayan tebur, kowa da biro da takarda a gabansa, suna karɓa-karɓa wajen jefo maka tambaya. Ra'ayina a kan wannan wasiƙa shi ne, in za ka rubuta ta, to ka ɗauko magana ɗaya tak daga cikin abin da aka tattauna a ɗakin ka sa a ciki. In ba za ka iya hakan ba, da rubuta ta da barin ta duk kusan ɗaya ne.

Domin a gane dalili, sai mun zagaya mun zauna a ɗaya ɓangaren teburin, inda 'yan kwamiti suke.

A manyan kamfanoni da bankuna da ƙungiyoyin agaji, an saba tsara intabiyun kwamiti tun kafin ranar. Ana rubuta tambayoyin, a raba wa 'yan kwamiti, a kuma yi wa kowane mai neman aiki tambayoyi iri ɗaya a jere iri ɗaya, domin kada wani ya ce an yi masa rashin adalci. Kowane ɗan kwamiti yana da takardar ba da maki, yana saurare yana rubutu. A ce mutum takwas aka gayyata, kowa aka ba shi rabin awa da tambaya shida. Kafin la'asar, kowane ɗan kwamiti ya saurari amsa 48. Kuma amsoshin nan sun yi kama da juna, domin tambaya ɗaya ce, mutanen karatunsu kusan ɗaya, yawancinsu ma wuri ɗaya suka je suka koyo yadda ake amsawa. Kowa ya ce shi mai ƙwazo ne, kowa ya ce yana son aiki tare da jama'a. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan kujera ya san cewa zuwa yamma fuskoki sun fara cakuɗewa. Sai ka ji ɗan kwamiti yana tambayar na kusa da shi: wai wace ce ta yi maganar babur ɗin nan, ta uku ce ko ta biyar?

Ku lura da yadda ya yi tambayar. Sunan ya ɓace masa, kalar mayafin ta ɓace masa, maganar babur ce ta tsaya. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da sanin wannan. A shekarar 1933 wata masaniya Bajamushiya, Hedwig von Restorff, ta nuna cewa idan aka jera wa mutum abubuwa masu kama da juna aka saka guda ɗaya da ya fita daban, wancan ɗin ne ya fi zama a ƙwaƙwalwa. A 1973 kuma Endel Tulving da Donald Thomson suka bayyana cewa abin da ya fi taimaka wa mutum ya tuno wani abu shi ne a kawo masa wata alama da take wurin a lokacin da abin ya shiga kansa. To, "na gode da damar da kuka ba ni" ba alama ba ce, domin duk mutum takwas ɗin za su iya rubuta ta kalma da kalma. Amma maganar da kai kaɗai ka yi da su, ita tana ɗaure da fuskarka da muryarka. Abin ya yi kama da layin kwanuka a wurin injin niƙa: duk farare ne, duk da masara a ciki, sai wadda ta ɗaura wa nata ƙyalle ce ba a yi mata musaya.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A ce wata baiwar Allah ce, ta karanta kiwon lafiyar al'umma, tana neman aikin kula da ajiyar maganin rigakafi a wata ƙungiya. Kwamitin mutum uku ne: jami'ar sashen kula da ma'aikata, da wani daga sashen kuɗi, da likitan da ke shugabantar shirin, wanda shi ne zai zama maigidanta in ta samu aikin. A tambaya ta huɗu aka ce mata, me za ki yi idan firjin asibitin ƙauye ya daina aiki da dare? Ta amsa daidai gwargwado. Ta ce ana ajiye maganin tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos, ana duba ma'aunin safe da yamma a rubuta, za ta kwashe maganin zuwa akwatin sanyi, ta kuma duba alamar nan da ke jikin kwalba, mai murabba'i a cikin da'ira, wadda ke yin duhu idan zafi ya taɓa maganin.

Sai likitan ya ajiye bironsa. Ya ce, madalla, amma mu a nan ba zafi ne ya fi damunmu ba, daskarewa ce. Ma'aikata kan ciro robobin ƙanƙara daga firiza su jera su a akwati kai tsaye, maganin ya daskare a hanya, ya narke kafin a isa, ba wanda ya sani. Alamar jikin kwalbar kuwa zafi kawai take nunawa, ba ruwanta da daskarewa. Ya ce mata, yaya za ki gane? Ta ɗan yi jim, ta ce akwai gwajin girgiza kwalba, amma ba ta samu ta yi cikakken bayani ba lokaci ya ƙure, aka wuce tambaya ta biyar.

Yanzu ga wasiƙa iri biyu da za ta iya aikawa. Ta farko: tana godiya da lokacin da aka ba ta, ta ji daɗin ganawar, tana da yaƙinin za ta ba da gudummawa, tana sauraron amsa. Babu laifi a ciki, babu kuma komai a ciki. Da za a goge sunanta a sa na wani mai neman aikin direba a wani kamfani, ba kalma ɗaya da za a canza.

Ta biyu kuwa cewa za ta yi: Ranka ya daɗe likita, ina godiya gare ka da sauran 'yan kwamiti bisa lokacin da kuka ba ni yau da safe. Maganar da ka yi cewa daskarewar magani a hanya ta fi zafi damun ku ta tsaya mini a rai. A inda na yi aiki a baya, mun riƙa ajiye robobin ƙanƙara a kan tebur har sai an girgiza an ji ruwa na motsi a ciki kafin a sa su a akwati, kuma muka liƙa hoton matakan a jikin firiza domin masu aikin sassafe. Zan so a ce da ni za a yi wannan aiki a wurinku. Na gode.

Jimla biyar ke nan, amma ku dubi aikin da suka yi. Da likitan ya karanta layi na biyu, ya san wace ce, domin shi da bakinsa ya yi maganar, kuma da ita ya yi. Ya kuma ga cewa ta saurara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin yawancin masu shiga intabiyu ba sa jin abin da ake gaya musu. Yayin da ɗan kwamiti ke magana, su suna can suna haɗa amsar gaba a zuci. Wanda ya iya maimaita damuwar maigida daidai bayan awanni ya nuna wata ɗabi'a da ba a rubuta ta a takardar shaidar karatu, kuma ita ce maigida zai rayu da ita kullum a ofis. Sannan ta ƙarasa amsar da ta bari a rabi, ba tare da ta ce ta yi kuskure ko ta roƙi a sake duba ta ba.

Wani zai ce, in magana ɗaya ta yi wannan amfani, me zai hana a sa uku ko huɗu? A nan ne mutane da yawa suke ɓata rawarsu da tsalle. Da zarar ka jero abu huɗu, wasiƙar ta tashi daga godiya ta koma rahoton taro, ko kuma intabiyu na biyu da ba wanda ya gayyace ka. Mai karantawa a waya yake karantawa, tsakanin wannan taro da wancan, kuma idan ya ga rubutu ya cika allo zai ce sai an jima, an jiman da ba ta zuwa. Bayan haka, abu huɗu a jere sun sake zama layin abubuwa masu kama da juna, babu wanda ya fita daban. Akwai kuma abin da zaɓen kansa yake nunawa. Cikin rabin awa an yi maganganu da yawa, wanda ya iya tsamo wadda ta fi nauyi ya nuna ya san inda gizo ke saƙa a aikin. Baiwar Allahn nan da ta ɗauko maganar hutun shekara ko ta motar ofis, da ta nuna inda hankalinta yake, kuma ba nan ake so ba.

To yaya ake gane maganar da ta dace? Ni a ganina alama mafi ƙarfi ita ce inda ɗan kwamiti ya bar takardar da ke gabansa. Tambayoyin da aka rubuta, kowa an yi masa su. Amma inda wani ya ɗago kai ya ƙara tambayar da ba ta cikin tsari, ko ya ce "mu a nan matsalarmu ita ce kaza", ko biyu daga cikinsu suka dubi juna, nan ne aka fita daga karatu aka shiga hira, kuma nan ne abin da ke hana su barci. Ita wannan magana ba ta daɗewa a kai. Saboda haka da ka fito, kafin ka kira gida, kafin ka hau Keke ko acaɓa, nemi gefe ka rubuta abu uku a waya ko a bayan takardar gayyata: sunayen 'yan kwamiti da muƙamansu, wa ya tambayi me, da kalmomin da mutumin ya yi amfani da su. In ba ka kama sunan wani ba, tambayi wanda ya shigar da kai ɗakin, ba abin kunya ba ne. Kalmomin mutum suna da muhimmanci. Idan likita ya ce "daskarewa a hanya", kai ma ka rubuta haka, kada ka mayar da ita "ƙalubalen ajiyar magunguna". Mutum yana gane maganarsa idan ta dawo masa da kayanta.

Akwai maganganun da ake bari a ɗakin. Albashi da alawus suna da ranarsu. Barkwancin da aka yi aka yi dariya, a rubuce yakan fito da wata fuska daban. In kun gano garinku ɗaya da wani ɗan kwamiti, ko makaranta ɗaya kuka yi, kada ka kuskura ka sa, domin ko da zuciya ɗaya ka rubuta, a idon sauran kamun ƙafa ne, kuma ka jefa mutumin cikin tsaka mai wuya, har ma yana iya ja da baya daga goyon bayanka don ya wanke kansa. Haka nan idan wani ya saki baki ya faɗi wani sirrin cikin gida, misali cewa wanda ya bar kujerar korar sa aka yi, yi kamar ba ka ji ba. Rubutu yana yawo.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya bambanta kwamiti da mutum ɗaya. Wasiƙar da ka aika wa ɗan kwamiti, ka ɗauka duk sun gani. Sukan tura wa juna, ko a tura wa sashen kula da ma'aikata a sa a fayil. Idan ka rubuta wasiƙa ɗaya ka canza suna kawai ka aika wa mutum uku, ranar da suka haɗa su za su gane, kuma abin da ka so ya zama girmamawa ya koma takardar raba-gari. Hanya biyu ce mai kyau. Ko dai ka rubuta guda ɗaya zuwa ga shugaban kwamiti ko wanda ya gayyace ka, ka roƙi ya isar da godiyarka ga sauran, da magana ɗaya a ciki. Ko kuma, in kana da adireshin kowa ta hanyar da ta dace, ka rubuta wa kowa tasa, kowace da maganar da shi mutumin ya kawo. A misalinmu, likita zai samu maganar daskarewa, mutumin kuɗi kuma zai samu tasa, wataƙila tambayar da ya yi kan yadda ake daidaita littafin sito da abin da ke cikin firji a ƙarshen wata. Ni dai na fi son hanya ta farko ga mafi yawan mutane, domin da wuya a samu magana mai nauyi har uku a ganawa ɗaya, kuma ƙago ta ya fi rashin ta muni. Kuskuren da ya fi kowanne ciwo shi ne ka jingina wa wani maganar da wani ne ya yi. Ka gode wa mutumin kuɗi bisa bayanin likita, ka ga wasiƙar da aka rubuta don a nuna an saurara ta zama shaidar ba a saurara ba. In kana shakkar wanda ya faɗa, ce "maganar da kwamiti ya kawo", ka huta.

Idan kuma amsar da ka bayar ce ba daidai ba fa? Wannan yana bukatar natsuwa. Ƙarasa abin da aka bari a rabi daban, sake rubuta jarrabawa daban. Baiwar Allahn nan tana iya sha'awar ta zauna ta rubuta duk matakan gwajin girgiza: a daskarar da kwalba ɗaya da gangan daga rukunin maganin, a bar ta ta narke, a girgiza ta tare da wadda ake zargi, a ajiye su a ga wacce ta fi saurin kwantawa, in wadda ake zargin ta kwanta da sauri kamar wadda aka daskarar to ta lalace. Duk gaskiya ne, amma likita ya san cewa kowa zai iya buɗe littafi ya kwafo wannan bayan ya koma gida. Abin da ba a kwafowa shi ne abin da ta yi da hannunta a wurin aikinta na baya, shi ya sa ta zaɓi maganar hoton da suka liƙa a jikin firiza. Kuma sharaɗi ne ya zama gaskiya, domin za a iya kiran tsohon maigidanta a tambaya.

Yanzu sai iyakar abin, don kada wani ya ɗauka laya muke rabawa. A inda ake bin tsarin maki sosai, 'yan kwamiti kan cike takardunsu su sa hannu a ranar, wani lokaci kafin ka isa gida. Wasiƙarka ba za ta ƙara maka maki ko ɗaya ba, kuma bai kamata ta ƙara ba, domin da hakan zai yiwu da an zalunci sauran. Inda take aiki shi ne inda aka bar wa mutane hukunci: mutum biyu sun zo kai da kai ana muhawara, ko akwai zagaye na biyu, ko wanda aka zaɓa ya ƙi zuwa aka koma kan na biyu, ko bayan wata shida wata kujera ta buɗe maigida yana tunanin wa ya taɓa gani.

Sannan al'adar ba ɗaya ba ce a ko'ina. A Amurka ta fi ƙarfi. A 2019 wata babbar edita a jaridar Business Insider, Jessica Liebman, ta rubuta cewa ƙa'idarta ita ce wanda bai aiko da imel na godiya ba kada a ɗauke shi aiki. Mutane suka yi mata caa, suna cewa wannan hukunta mutum ne a kan ƙa'idar da ba a gaya masa ba, musamman wanda ya taso a gidan da ba wanda ya taɓa aikin ofis. Ni ina tare da masu sukar. Bai dace a hana ƙwararre aiki don bai san wata al'ada ba. Amma muhawarar ta nuna cewa akwai masu ɗaukar ma'aikata da suke lura da abin, kuma matasanmu da ke neman aiki a ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, ko aikin da ake yi daga gida wa kamfanonin waje, da irin waɗannan mutane suke haɗuwa ta allon kwamfuta. A aikin gwamnati kuwa, ko duk inda sanarwa ta ce neman alfarma zai sa a cire sunan mutum, kada ka nemi ɗan kwamiti kai tsaye. In ma za ka rubuta, bi ta adireshin da aka gayyace ka da shi. Kada ka je ka samo lambar wayar shugaban kwamiti a wurin wani ka tura masa saƙon WhatsApp da dare. Tambayar farko da zai yi ita ce wa ya ba ka lambar, kuma daga nan ba zai ƙara ganin abin da ka rubuta ba.

Game da lokaci, a aika a ranar, ko washegari da safe, cikin lokacin aiki. Bayan kwana uku alamar ta fara dusashewa, kuma wataƙila an riga an yanke hukunci. Da harshen da aka yi intabiyun za a rubuta, Turanci ne ko Faransanci ko Hausa. A saman saƙon a sa sunan aikin da ranar ganawar, domin jami'ar da ke karɓa tana iya riƙe da guraben aiki goma a lokaci ɗaya. A duba rubutun sunan mutum da muƙaminsa sau biyu. Kafin ka danna aikawa, rufe sunanka da yatsa ka karanta: in wani daga cikin mutum bakwai ɗin da kuka zauna a benci tare zai iya sa hannu a ƙasan wasiƙar, koma ka nemo maganar. In an aika kuma ba a amsa ba, haka aka saba, akan hana 'yan kwamiti amsawa kafin a fitar da sakamako. Kada a sake aika wata sai ranar da suka ce za su tuntuɓe ka ta wuce da kamar mako guda, ita ma layi biyu ta isa, zuwa ga sashen kula da ma'aikata.